Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga masu rubuta rahotannin ƙididdiga a Jihar Kaduna, kan alƙaluman addini

Malamaina da abokan aikina na ma'aikatun gwamnati, da na jami'o'i, da na ƙungiyoyi masu zaman kansu,

Ina gaishe ku da aiki, tare da fatan kowa yana lafiya da iyalinsa. Na rubuto muku ne a kan layi ɗaya da ke fitowa a jadawalin farko na kusan kowane rahoto da muke fitarwa, wato layin da ke nuna addinin mutanen da aka yi wa tambayoyi. Mu a wurinmu ba shi ne babban abin da ke cikin rahoton ba. Muna sa shi ne tare da shekaru da matakin karatu da zaman aure, mu wuce zuwa ga rigakafi ko haihuwa ko talauci. Amma a wannan jiha tamu, sau da yawa shi kaɗai ne layin da ke fita daga rahoton ya shiga gari.

Na ga haka da idona. Shekarun baya na yi wa wata ƙungiya aikin bin gida-gida a kan lafiyar mata masu juna biyu, kuma ni na haɗa jadawalin farko na rahoton. Bayan wasu watanni sai ga hoton jadawalin a wayata, a zauren WhatsApp na unguwarmu. An yanke samansa da ƙasansa, an zagaye layin addini da jan alƙalami, an rubuta a ƙasa cewa ga hujja a kan waɗanda suka fi yawa a Kaduna. Kafin la'asar an yi musayar maganganun da ba zan maimaita su a nan ba, har wasu dattawa biyu da suka shekara ashirin suna zama benci ɗaya a bakin shagon mai shayi suka daina gaisawa na wani lokaci. Lissafin da na yi daidai ne. Abin da ban rubuta ba shi ne su wa aka ƙirga, kuma iya ina adadin zai iya kai mai karatu. Wannan rana ta zauna mini a rai har yau.

Dalilin da ya sa ake wawason irin wannan layi sananne ne a wurinku. Ƙidayar jama'a ta 2006, wadda ta ba Jihar Kaduna mutum miliyan 6.1, ba ta tambayi kowa addininsa ko ƙabilarsa ba. Ta 1991 ma haka. Ta 1973 soke ta aka yi, ta 2023 kuwa ɗage ta aka yi. Sai an koma 1963 kafin a samu ƙidayar da aka amince da ita a hukumance mai ɗauke da addini, ita ma kuma an sha jayayya a kanta. A lokacin babu wata jiha mai suna Kaduna. A 1967 aka ƙirƙiro Jihar Arewa ta Tsakiya, a 1976 aka sa mata suna Kaduna, a 1987 aka cire Katsina daga cikinta. Don haka jihar nan mai ƙananan hukumomi 23 ba a taɓa ƙirga mutanenta ɗaya bayan ɗaya bisa addini ba. Duk adadin da ke yawo, in ba ƙagagge ba ne, to daga binciken samfuri ya fito, irin wanda ni da ku muke yi. Shi ya sa nauyin ya dawo kanmu.

Abu na farko da nake roƙo a duba kafin a rubuta kowane adadi shi ne wa aka tambaya. Ɗauki binciken al'umma da lafiya na ƙasa, wato NDHS, na 2018, wanda Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta gudanar, kuma da yawa daga cikinmu mun sha ɗauko alƙaluma daga cikinsa. An tambayi mata 41,821 masu shekara 15 zuwa 49, da maza 13,311 masu shekara 15 zuwa 59. Babu yara a ciki, babu tsofaffi. A ƙasar da fiye da kashi 40 cikin 100 na mutanenta ba su kai shekara 15 ba, wannan ba ƙaramin giɓi ba ne. Binciken da kansa ya nuna cewa matsakaicin haihuwar mace ya kai 6.6 a Arewa maso Yamma, alhali a Kudu maso Yamma 3.9 ne. Duk inda wani ɓangare ya fi wani yawan yara, kasonsa a cikin jama'a gaba ɗaya zai fi kasonsa a cikin manya. Wanda ya ɗauko adadin mata masu shekarun haihuwa ya rubuta a kansa “al'ummar jiha” ya sauya wa adadin suna, kuma mai karatu ba shi da hanyar ganewa.

Binciken MICS na Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa da UNICEF kuwa addinin maigida yake tambaya. A nan akwai tarko biyu. Na ɗaya, ƙirga gidaje daban, ƙirga mutane daban. A ce an shiga gida 100, rabi na wannan addini, rabi na wancan. In gidajen kashin farko suna da mutum bakwai-bakwai, na biyun kuma biyar-biyar, to mutane 350 ne da 250, wato kashi 58 da kashi 42. Bayanai ɗaya, amma wani zai rubuta kankankan, wani ya rubuta rinjaye, kuma kowannensu zai iya rantsuwa bai yi ƙarya ba. Tarko na biyu shi ne ana ɗora wa kowa a gida addinin maigida. Duk wanda ya yi aiki a wajen Kaciya ko Lere ko Jama'a ya san gidajen da uba yake masallaci, ƙaninsa yake coci, tukunya kuma ɗaya ce. A takarda duk za su koma layi ɗaya.

Akwai kuma abin da ke faruwa a bakin ƙofa, wanda ba ya bayyana a kwamfuta. Lokacin da nake duba aikin masu tattara bayanai, na taɓa tsayawa bayan wani matashi mai ƙwazo yana cike takarda a wani gidan haya mai ɗakuna jere. Maigidan ya ce sunansa Yakubu, ya yi Hausa tangaram, yana sanye da jamfa da hula. Da suka zo kan tambayar addini sai na ga yaron ya danna amsa ya wuce, bai buɗe baki ba. Da muka fito na tambaye shi, sai ya ce, “Yallaɓai, ai a bayyane yake, kuma kunya nake ji in tambayi dattijo irin wannan.” Na fahimci kunyarsa sarai. Muka koma muka tambaya cikin ladabi, sai ga shi mutumin dattijon coci ne. Yakubu, Musa, Dauda, Ibrahim, Maryamu, Saratu, duk sunaye ne da ake samu ta kowane ɓangare a jihar nan. In ba a jaddada wa ma'aikata a wurin horo cewa dole a karanta tambayar kamar yadda take ba, cike za su yi da ido. Haka nan mai bin addinin gargajiya, ko wanda ya haɗa shi da wani, ba kasafai zai faɗa wa baƙo mai riƙe da na'ura a gaban maƙwabta ba. Saboda haka ƙanƙantar wannan layi a jadawali tana nuna abin da mutane suka yarda su faɗa ne kawai.

Duk waɗannan ana samunsu a kowace jiha. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wanda ya fi tsanani a Kaduna, kuma shi ne aka fi mantawa: yadda muke zaune.

Binciken gida-gida ba ya tsinto mutane ɗai-ɗai daga ko'ina cikin jiha, domin kuɗin mota kaɗai zai cinye kasafin. Ana fara zaɓar ƙananan yankunan ƙidaya ne, waɗanda zan kira rukunai, sannan a zaɓi gidaje a cikin kowanne. A NDHS na 2018 an tsara rukuni 1,400 a faɗin ƙasa, gida 30 a kowanne. In aka raba su ga jihohi 36 da Abuja, kowace za ta tashi da kimanin 38 a matsakaici. Wannan tsari yana aiki lafiya ga abin da ke gauraye a cikin kowace unguwa, kamar shekarun mutane. Addini a Kaduna kuwa ba a gauraye yake ba. Tun bayan rikicin 2000 da na 2002 garin ya rabu kusan bisa kogi. In ƙuri'a ta faɗa kan wani layi a Rigasa ko Tudun Wada, kafin a ƙwanƙwasa ƙofar farko an san amsar da kusan duk gidajen za su bayar. In ta faɗa Sabon Tasha ko Television, haka nan ta ɗaya ɓangaren. Ƙauyen Soba da ƙauyen Zangon Kataf ma haka. Gida na biyu a layin bai ƙara maka wani sabon labari a kan addini ba, balle na talatin. Mai ɗanɗana miya in ya ɗebo cokali talatin daga tukunya ɗaya, tukunya ɗaya ya ɗanɗana.

Bari in bi lissafin da misali. Alƙaluman na ƙirƙira su ne don bayani kawai, kada wani ya ɗauke su a matsayin sakamakon bincike. A ce an shiga rukuni 40 a jihar, an tambayi mutum 25 a kowanne, jimla 1,000. A ce kashi 60 cikin 100 sun ambaci addini kaza. Lissafin da aka koya mana a aji ɗaya na jami'a, wanda ke ɗauka cewa kowane mutum an zaɓe shi ne shi kaɗai, zai ba da tazarar kuskure ta maki 3 sama ko ƙasa, a matakin amincewa na kashi 95. Sai a rubuta tsakanin 57 da 63, kowa ya ga aiki ya yi tsaf.

Amma sai an gyara wannan da abin da manhajojinmu ke nunawa da sunan DEFF, wato yadda tsarin rukuni ke faɗaɗa kuskure. Ga ƙa'idarsa a sauƙaƙe:

```
DEFF = 1 + (m - 1) * rho
```

A nan m shi ne yawan mutanen da aka tambaya a kowane rukuni, rho kuma ma'aunin kamanceceniyar mutanen rukuni ɗaya ne, daga 0 zuwa 1. In kowace unguwa a cakuɗe take, yana kusa da 0. In kowace unguwa addini ɗaya ce zalla, ya zama 1. Mu ɗauka 0.7 ne, don a bar wa wurare irin su Barnawa da Kakuri da cikin Kafanchan, inda ake zaune tare, nasu gurbin. Sai a ninka 24 da 0.7, a ƙara 1, a samu 17.8. A raba 1,000 da 17.8, abin da ya rage shi ne 56. Ma'ana, a kan tambayar addini, mutum dubun nan ƙarfinsu bai wuce na mutum 56 da aka tsinto ɗai-ɗai ba. Tazarar kuskuren ta tashi daga maki 3 zuwa kusan maki 13. Gaskiyar abin da binciken ya samu ita ce tsakanin kashi 47 da kashi 73.

Ku dubi wannan tazara da kyau. Ta haɗa da 50. Wato binciken da a fuska ya nuna rinjaye bayyananne, in aka yi masa lissafin da ya dace da tsarinsa, bai isa ya tabbatar da ko akwai rinjayen ba ma. Wanda ya buga 60 kaɗai, ko mafi muni ya buga 60.3 da ɗigo, ya ba mutane tabbacin da shi kansa ba shi da shi.

Wani zai ce to a ƙara yawan mutane. Na sha jin wannan a wurin taron tsara aiki. A gwada: a bar rukunai 40 ɗin, a ninka mutanen kowanne zuwa 50, jimla 2,000. DEFF zai koma 35.3, ƙarfin samfurin kuma ya tashi daga 56 zuwa 57 kacal. An ninka kuɗi da wahala, an samu ƙarin mutum ɗaya. In kuwa rukunan aka ninka zuwa 80 aka bar 25 ɗin, ƙarfin zai kai 112, tazarar ta sauko zuwa kusan maki 9. Yawan wuraren da aka shiga shi ne ke magana a nan. Akwai kuma dabarar da ta fi wannan araha: a kasa jihar tun wurin zaɓen samfuri, misali bisa shiyyoyin sanata uku ko bisa ƙananan hukumomi, ta yadda ba sa'a ce za ta yanke yawan rukunan da za su faɗa arewa ko kudu ba. NDHS birni da karkara kawai yake raba kowace jiha, domin ba don auna addini aka tsara shi ba, kuma wannan ba aibu ba ne a gare shi. Namu ne mu san abin da aka ƙera kayan aiki dominsa kafin mu ɗora masa wani kaya.

Wannan lissafi shi ne kuma maganin labaran “ƙaruwa” da “raguwa” da ke tayar da hankali. A misalinmu kowane rukuni yana ɗauke da maki biyu da rabi. In binciken bana ya ba da 60, na bayan shekara biyar ya ba da 54, bambancin bai kai nauyin rukuni uku ba. Ya isa a ce ƙuri'a ta ɗan karkata zuwa ƙetaren gada a karo na biyu, ba tare da mutum ɗaya ya sauya addini ko ya yi ƙaura ba. Batun ƙananan hukumomi kuwa kada ma a fara: rukuni 40 a kan ƙananan hukumomi 23 bai kai biyu-biyu ba. Taswirar addini da aka zana daga irin wannan, taswirar unguwannin da motar aiki ta tsaya ce.

Gane wannan matsala ba ya buƙatar sabuwar manhaja. Mai aiki da bayanan mata na NDHS a Stata, bayan ya ƙirƙiri `jiha` mai nuna 1 ga jihar da yake so da 0 ga sauran, domin ware ta ta hanyar `subpop`, layuka uku ne suka raba shi da amsar gaskiya:

```
gen wt = v005/1000000
svyset v021 [pweight=wt], strata(v022)
svy, subpop(jiha): tab v130, ci deff srssubpop
```

Layin farko yana fitar da nauyin kowace mai amsa, domin ba kowa ke wakiltar adadin mutane ɗaya ba. Na biyu yana gaya wa manhajar rukunai da kason da aka bi. Na uku yana ba da kaso tare da iyakarsa ta sama da ta ƙasa da DEFF. Kafin ma wannan, ina ba ƙannenmu masu tasowa shawara su jera addini a gefen lambar rukuni su kalla da ido. In suka ga layi bayan layi yana nuna ɗari bisa ɗari a gefe ɗaya da sifiri a ɗayan, sun ga matsalar tun kafin lissafi.

Saura wuraren da ba a shiga ba. A 2018 rukuni 1,389 aka kammala cikin 1,400 ɗin, sauran an bar su saboda rashin tsaro, kuma masu rahoton sun faɗi haka a fili. Abin koyi ke nan. Mu ma nan mun san shekarun da tura ma'aikata wasu ƙauyukan Birnin Gwari ko Giwa ko Kajuru ko Chikun ya zama kasada da rai. Ba mai zargin shugaban tawagar da ya ce yaransa ba za su shiga daji ba. Abin da ba shi da kyau shi ne a maye gurbin ƙauyen da wani na bakin titi a yi shiru. Tunda kowane ƙauye kusan addini ɗaya ne, barin sa yana jan adadin zuwa gefe guda, kuma gefen ya danganta da wane ƙauye aka bari. Ana iya nuna wa mai karatu girman abin cikin sauƙi. In rukuni 4 cikin 40 ba su samu ba, sauran 36 suka ba da kashi 60, to da an shiga huɗun nan sakamakon zai iya sauka har 54 ko ya hau har 64. Wannan ƙari ne a kan tazarar da muka lissafa a baya, ba a cikinta yake ba. Ga kuma waɗanda rikici ya raba da gidajensu suna zaune a makarantu ko wurin dangi, ga ɗaliban kwana, ga mazauna bariki, ga Fulani masu tashi da dabbobi. Jerin gidaje na yau da kullum ba ya kama su yadda ya kamata. Taswirar yankunan da aka zaɓi samfurin 2018 daga cikinta ma ta ƙidayar 2006 ce, kuma duk wanda ya san Rigasa ko Maraban Rido a wancan lokaci ya san yadda suka bunƙasa daga baya.

Ba ina cewa a daina buga layin addini ba ne. Muna buƙatarsa. Da shi ake gane ko saƙon rigakafi ya fi isa ta bakin limamai ko ta bakin fastoci, da inda ya kamata a ƙara ƙoƙari. Ɓoye shi ma zai ƙara zargi ne. Roƙona shi ne a buga shi da cikakken sunansa. Ga irin abin da nake so in riƙa gani, da alƙaluman misalinmu:

“Cikin mata 1,000 masu shekara 15 zuwa 49 da aka tambaya a rukuni 40, kimanin kashi 60 cikin 100 sun ambaci addini kaza da bakinsu. Saboda mazauna rukuni ɗaya galibi addininsu ɗaya, adadin na iya kasancewa tsakanin 47 da 73. Ba a ƙirga yara da maza da tsofaffi ba. Wannan adadi ba ƙidayar mabiya addinai a Jihar Kaduna ba ne, kuma bai isa a kwatanta ƙananan hukumomi ko shekaru da shi ba.”

In akwai wuraren da ba a shiga ba, a ƙara jimla ɗaya a faɗi yawansu da shiyyar da suke. A cire ɗigo da lambar bayansa, domin adadin da ke lilo da maki 13 ba shi da abin yi da ɗigo uku. A kuma rubuta tambayar kamar yadda aka yi ta, da zaɓin da aka bayar. A NDHS Katolika layinsu daban, sauran Kirista daban, Musulunci kuwa layi ɗaya ne ba a rarrabe Izala da ɗariƙa da Shi'a ba, don haka ba abin da za a iya cewa a kan waɗannan daga cikinsa.

Na san abin da shugabanni kan ce in an kai musu irin wannan sakin layi: ya yi tsawo, zai sa a raina aikin, a mayar da shi shafin ƙarshe. Ina roƙon manyanmu da ke sa hannu a rahoto su tsaya wa ƙananan ma'aikata a nan. Bayanin da aka kai shafi na 180 ba ya bin jadawali zuwa wayar mutane. Wanda ya yanke hoton jadawalina ya yanke take da ƙarin bayanin ƙasa, abin da bai iya yankewa ba shi ne abin da ke cikin layin kansa. Shi ya sa tun daga lokacin nake sa iyakar sama da ta ƙasa a cikin akwati ɗaya da adadin, in kuma rubuta “mata 15 zuwa 49, rukuni 40” a jikin sunan layin, ko da jadawalin zai ɗan yi cunkoso. Ina roƙon ku gwada haka a rahoton da ke kan teburinku yanzu.

Allah ya ba mu zaman lafiya a jiharmu, ya kuma taimake ku a kan aikinku.

Naku,
Wani abokin aikinku mai nazarin alƙaluma,
Kaduna.